An cire bango amma kuɗin kaya ya ƙaru: ku duba min saƙon nan kafin in sake tura wa Alhaji

Sabi'u Agege: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawara, musamman wajen manyanmu. Ina riƙe da aikin wani bene mai hawa ɗaya a Ikorodu, na wani Alhaji da ke harkar shanu a mayankar Oko-Oba. Mun gama harsashi, mun zuba jaman fulo, wato kankaren daɓen ƙasa, bulon waje ya kai taga, fila-fila, wato ginshiƙai, ba mu zuba ba tukuna, rodinsu ne kawai a tsaye. Ranar Lahadi ya zo da iyalinsa, Hajiya ta ce falon ya yi mata kaɗan, a cire bangon da ya raba falo da wajen cin abinci, har da filar da ke tsakiyarsa, ya zama fili ɗaya. Na kai wa injiniyan da ya zana mana, ya sake lissafi ya ba ni sabuwar takarda. Sai na tura wa Alhaji wannan:

“Barka da yamma Alhaji. Saboda canjin da aka yi, kuɗin kaya ya ƙaru da naira 700,000. Kaya ma sun tashi a kasuwa. A taimaka a turo don kar aiki ya tsaya.”

Amsar da ya ba ni ta murya ce, minti uku. Taƙaitawarta: “Sabi'u, bango aka cire, ba ƙarawa aka yi ba. Ni da nake jiran canji, kai kana neman ƙari?” Tun jiya bai sake ɗaga wayata ba. Wallahi sisi ban ɗora ba. Yaya zan rubuta masa ya gane?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Malam Sabi'u ka yi haƙuri, amma da ni ka tura wa wannan saƙon ni ma ba zan ɗaga ba. Layi uku, dubu ɗari bakwai cif, ba ko ɗigo. Kuɗin da ya faɗo cif haka kullum kamar daga ka aka faɗe shi. Mu da muka yi namu a Mowe haka mai aikinmu ya riƙa yi mana, yau kaya sun tashi, gobe kaya sun tashi, sai da maigidan ya koma sayen siminti da kansa. Har yau ban san ko cutarmu aka yi ko gaskiya ce ba, kuma rashin sanin ya fi kuɗin ciwo.

Nura Alaba Rago: Ni dai a ganina ka kai shi kasuwa ya ji farashi da kunnensa. Siminti ba wanda bai san ya tashi ba.

Injiniya Bashir: Nura, ba farashi Alhaji yake musu a kai ba. Tambayarsa ita ce me ya sa ragi ya haifi ƙari, kuma tambaya ce mai kyau. Sabi'u, kafin mu zo kan saƙo, ba ni awo. Tsawon bangon nawa ne, akwai bango a sama a kan wannan layin, kuma me injiniyanku ya canza?

Sabi'u Agege: Ranka ya daɗe, tsawonsa mita 7.2, fila a tsakiya, wato 3.6 kowane gefe. A sama akwai bangon ɗakin maigida a kan layin daidai. Da bim ɗin da zai kwanta a kan filolin nan inci 9 ne da inci 18, rodi mai kaurin milimita 16 guda uku ƙasa uku sama. Yanzu ya mayar da shi inci 12 da inci 28, mai 20 guda shida a ƙasa, mai 16 uku a sama. Filolin gefe biyu sun koma inci 12 da 12. Abin da ya fi tayar min da hankali, ya ce a fasa jaman fulo a tono gindin filolin nan biyu a faɗaɗa, daga mita 1.2 kowane gefe zuwa 1.8.

Injiniya Bashir: To ai bai yi maka zalunci ba, abin da na zata ke nan. Bari in faɗa yadda za ka iya maimaita wa Alhaji.

Ba bangon ne ya jawo kuɗi ba, filar ce. Bim ɗin da yana da ƙafa uku: gefe, tsakiya, gefe. Ta tsakiyar nan ita ce jakar gidan, don fiye da kashi 60 cikin 100 na nauyin da ke kan bim a kanta yake sauka, na gefe kowacce ƙasa da kashi 20 take ɗauka. Da ka cire ta nauyin bai tafi ko'ina ba, dekin na nan, bangon ɗakin sama na nan. Sai ya rabu biyu, kowace ta gefe ta ɗauki rabi. Filar da aka yi wa gindi don ta ɗauki ƙasa da kashi 20 na bim ɗin ta wayi gari da kashi 50. Shi ya sa ya ce a tono.

Sai bim ɗin kansa. A nan ne mutane ke ruɗewa, suna ganin tunda tazara ta ninka sau biyu, ƙarfe ma sau biyu. A'a. Ƙarfin da ke neman lanƙwasa bim yana tafiya ne da tsawo sau tsawo, in ka ninka tazara biyu shi sai ya ninka huɗu. Ɗora katako a kan bulo biyu masu kusa ka taka, sannan ka nisanta bulon ka sake takawa, ƙafarka za ta gaya maka. Injiniyanku ya ƙara wa bim zurfi ne don kar rodin ya kai ninki huɗu, da ya bar shi inci 18 da ko wurin jera rodin ba za ka samu ba.

Baba Ɗan'azumi: Bashir ɗana, maganar bim na yarda. Amma tonon gindin nan ni ban gamsu ba. Shekarata talatin da wani abu ina gini a garin nan, tun ina lebura a Idi-Araba. Ƙasar Ikorodu jar ƙasa ce mai tauri, ba irin ta Ajah ba da in ka sa shebur biyu ruwa ya taso. Na cire fila a gidaje ba ɗaya ba ba biyu ba, muka ƙara ƙarfe a bim muka wuce, suna nan tsaye. Yaron nan ya bar tonon, kuɗin zai sauko da kusan rabi, Alhaji ya huce.

Injiniya Bashir: Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ne yawancin tudun Ikorodu ƙasarsa na da kyau, amma akwai gangare da fadama a can ma, kuma ni da kai ba mu ga ramin ba, injiniyansu ya gani. Sannan gidajen da ka cire wa fila, nawa ne a cikinsu ke da bangon bulo inci 9 zaune a kan bim ɗin a sama? Gindin da ya yi kaɗan ba ranar ake ganinsa ba. Damina biyu uku, sai ka ga tsaga ta taso a karkace daga kusurwar taga, ƙofa ta fara cijewa, tayil ya buɗe baki a gefen filar. Lokacin an yi fenti, an shiga, tonon da za a yi yau da lebura biyu ya zama na fasa falo.

Baba Ɗan'azumi: To, ku ne masu takarda. Ni dai na faɗi abin da idona ya gani.

Auwal mai rodi: Sabi'u, lissafa mana rodin guda guda mu gani. Ni a Owode Onirin nake, kullum irin wannan rigimar a gaban shagona ake yinta. Mai gida yana jin “guda shida da, guda tara yanzu” sai ya ce to uku ne kawai suka ƙaru. Bai san mai 16 tsawon mita 12 kusan kilo 19 ne ba, mai 20 kuwa ya kusa kilo 30. A tan ɗaya mai 16 kana samun wajen 52, mai 20 kuwa 33 zuwa 34. Ƙarfe nauyi ake saya, ba ƙirga ba.

Sabi'u Agege: Ga shi yadda yake a littafina, da farashin da na samu shekaranjiya.

Abin da ya ƙaru: rodi mai 20 guda 6 a 30,000, ya kama 180,000. Mai 12 guda 10 na shimfiɗar gindin filoli a 11,000, 110,000. Mai 10 na ringi guda 4 a 8,000, 32,000. Siminti buhu 23 a 10,000, 230,000, wato 13 na gindi biyu, 5 na ƙarin bim, 2 na filoli, 3 na gyaran jaman fulo. Tsakuwa da yashi 150,000. Katako, gora, ƙusa da waya 90,000. Jimla 792,000.

Abin da ya ragu: bulo 180 a 1,000, 180,000. Siminti buhu 5, 50,000. Mai 16 guda 2, 38,000. Jimla 268,000.

In ka cire, saura 524,000.

Maman Ilham: To ina sauran 176,000 ɗin? Ka ce 700,000.

Sabi'u Agege: Hajiya wannan tashin kasuwa ne. Lissafin farko wata huɗu ke nan da yinsa, lokacin siminti 9,500. Saura buhu 200 ba mu saya ba, 500 sau 200, 100,000 ke nan. Rodin dekin da ya rage ya ƙaru da 76,000.

Maman Ilham: Ka ga inda ka ɓata rawarka da tsalle. Ka haɗa abu biyu a tukunya ɗaya ka ce “saboda canjin da aka yi”. Wannan 176,000 ko Hajiyarsa ba ta zo ranar Lahadi ba sai ya biya shi. In ya gano daga baya, kuma zai gano, 'yan shanu lissafi ne sana'arsu, zai ce ka fake da canji ka cusa wani abu. Daga nan ko gaskiya ka faɗa ba zai yarda ba. Kuma kai ka san ka rage masa 268,000, amma ba ka faɗa masa ba! Shi abin da yake nema ke nan, ina kuɗin bangona. Da shi za ka fara.

Injiniya Bashir: Maman Ilham ta gama magana. Ni da ita aka bai wa aikin rubuta saƙonnin ofishinmu da na huta.

Abu ɗaya zan ƙara. Bulo 180 daidai ne, bango mita 7.2 sau 3, a cire ƙofa, saura kamar murabba'in mita 18, kowane murabba'i bulo 10. Amma ba ka sa filasta ba. Bangon da babu ba za a shafe shi ciki da waje ba, ba za a yi masa fenti ba. Na san ba ya cikin lissafin wannan zangon, amma ka ambata cewa in an zo filasta zai ga ragin kamar buhu 4. Ƙaramin kuɗi ne, sai dai mutum in ya ga ka tuna masa da abin da shi bai tuna ba, yana sakin jiki.

Auwal mai rodi: Ni kuma ga tawa. Kowane mai 20 za ka yanka kamar mita 8 ne har da lanƙwasa, saura mita 4 sau shida. Kar ka bari a yi maka dabarar haɗa guntaye a ƙasan bim don a rage saye, tsakiyar ƙasan bim nan ne inda rodi ke shan ja. Guda shida cikakku dole ne. Amma guntayen nan mita 24 ne na ƙarfe mai tsada. Tambayi injiniyanku ko za su shiga filolin gefen da aka ƙara wa girma. In ya yarda, ka rage sayen mai 16. In bai yarda ba, ka rubuta wa Alhaji cewa guntaye shida nasa ne, suna wurin aiki. In ba haka ba ranar da ya ga yaro ya fita da su a kafaɗa, kai ne ɓarawo.

Kuma don Allah ka auna rodin da za a kawo maka. Akwai wanda ake kira mai 20 amma in ka ɗora a sikeli bai kai ba.

Nura Alaba Rago: Wai ni ban gane ba, ba za a iya cire bangon a bar filar ba? A yi mata ado kawai. Gidan yayana haka yake.

Injiniya Bashir: Nura yau ka fi mu duka. Ana iyawa, in dai zanen farko bim da fila ne ke ɗauke da nauyin ba bulon ba, kuma daga awon da Sabi'u ya bayar haka yake kama, amma injiniyansu ne zai tabbatar. In haka ne, ba tono, ba mai 20, Alhaji ya samu ragin bulonsa kamar yadda yake tsammani. Sabi'u, sa wannan a saƙon a matsayin zaɓi na biyu. Mutum in an ba shi hanya biyu yana jin shi ke da gidansa.

Kabiru Obalende: Ba wanda ya yi maganar hukuma. Zanen da aka amince da shi a LASPPPA, hukumar ba da izinin gini ta jihar Legas, yana da fila a wurin. In mutanen LASBCA, hukumar sa ido kan gine-gine, suka zo duba dekin kafin a zuba suka ga babu, fa? Tun da benen nan mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard a Ikoyi a Nuwamban 2021 ba sa wasa da jan fenti a bango.

Baba Ɗan'azumi: Kabiru, wa zai shigo lungun Ikorodu ya ƙirga fila a falon mutum?

Kabiru Obalende: Baba, ni an taɓa rufe min aiki wata biyu kan abin da bai kai wannan ba, leburori suka watse, siminti buhu 40 ya daskare a ɗaki.

Injiniya Bashir: Canjin da ya taɓa ƙashin gini ne, ba matsar da ƙofa ba, don haka ni shawarata sabon zanen ya kasance da hatimi da sa hannun injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya, kwafi ɗaya a wurin aiki, kuma wanda ya nemo muku izinin farko ya je ofishin yankin ya ji abin da za su nema. Sabi'u, kar ka sa kuɗin wannan a lissafinka, ka dai rubuta cewa ba ya ciki.

Sabi'u Agege: Na gode ƙwarai. Ga yadda na sake shi, ku duba:

“Assalamu alaikum Alhaji, barka da warhaka, ya iyali. Ka yi haƙuri da saƙona na jiya, na taƙaita inda bai kamata ba. Gaskiyarka ne, cire bango ya rage kaya: bulo 180, siminti buhu 5 da rodi 2, kuɗinsu 268,000, kuma na cire maka su. In an zo filasta za a sake samun ragin kamar buhu 4.

Abin da ya kawo ƙari ita ce filar tsakiya. Ita ke ɗauke da fiye da rabin nauyin da ke kan wannan layin, har da bangon ɗakinka na sama. Da aka cire ta, injiniya ya ce dole bim ya ƙara kauri da ƙarfe, filolin gefe biyu su ƙara girma, a kuma faɗaɗa gindinsu. Kayan wannan 792,000 ne. In an cire ragin, abin da canjin ya jawo 524,000 ne. Na haɗo hoton tsohon zane da sabo, da lissafin kowane kaya.

Akwai wani 176,000 daban wanda ba ruwansa da canjin. Tashin siminti da rodin da ba mu saya ba ne tun lissafin wata huɗu da suka wuce. Kuskurena ne da na haɗa su jiya.

In kana so a cire bango a bar filar, injiniya zai duba, in ya amince babu wancan 524,000, ragi ma za ka samu. Farashin nan na wannan makon ne. Ba zan taɓa wurin ba sai na ji daga gare ka, muna ci gaba da bulon baya. Na gode, Allah ya ƙara arziki.”

Maman Ilham: Yanzu ka yi magana. Amma ina kuɗin aiki? Masu tono, kafinta, mai ɗaurin rodi, kyauta za su yi? Kar ka zo bayan sati biyu ka ce Alhaji akwai wani ƙari, nan ne zai fashe gaba ɗaya.

Sabi'u Agege: Wallahi na ji nauyi ne Hajiya. Na ce in bari ya haɗiye wannan tukuna.

Maman Ilham: A'a. Ɗaci ɗaya ake sha. Ka sa shi yau, ko da layi ɗaya ne: wannan kuɗin kaya ne kawai, na aiki da na injiniya da na takardun hukuma ba sa ciki, ga kiyasinsu.

Baba Ɗan'azumi: A nan kam ina bayan Hajiya. Kuma yaro, kar ka tsaya a rubutu. Alhajin shanu ba karatun dogon saƙo zai yi ba, ɗansa zai ba wa ya karanta masa a gurguje. Tura rubutun don ya zama shaida, sannan ka bi shi Oko-Oba da safe da takardun biyu a hannu, ka zana masa a ƙasa in ta kama. Ka kuma gaya masa bim mai tsawon nan ba a cire masa gora da wuri, sati uku aƙalla, don kar ya zo ya ce aiki ya tsaya.

Kabiru Obalende: Kuma kar ka sayi ko ƙusa sai ya rubuto “na amince”, ko ya faɗa a murya ka adana. Na baki a tsaye a bakin mota ba ya zama hujja ranar rigima.

Nura Alaba Rago: Ni fa har yanzu ina ganin 150,000 na tsakuwa da yashi ya yi yawa a kankare da bai wuce kubik 3 ba.

Sabi'u Agege: Nura ƙaramar mota ce, ba tirela ba. Tsakuwa daga wajen Abeokuta ko Ibadan take zuwa, in ka sayi tan 5 kuɗin mota ne ke cinye ka, ga na yaran unguwa a bakin layi kafin a sauke. In Alhaji ya amince da wuri zan haɗa da na dekin a mota ɗaya, zai sauko. Bari in ƙara wannan ma a saƙon.

Sabi'u Agege: Jama'a na dawo. Na tura jiya da daddare har da kuɗin aiki, yau bayan asuba na same shi a mayanka. Ya sa na karanta masa da bakina, ya tsayar da ni a wajen 268,000 ya ce “to yanzu ka zo”. Na 176,000 ya ce zai turo kuɗin siminti 200 gaba ɗaya a saya a ajiye kafin ya sake tashi, na ce masa kar ya wuce abin da za mu ci a wata ɗaya saboda danshin garin nan, mun tsaya a 120. Maganar fila kuwa shi ya fi son a bar ta. Ya kira Hajiya a gabana, ta ce ita ba ta son ginshiƙi a tsakiyar falo ko da zinare aka lulluɓe shi. Ya ce in ba shi zuwa Juma'a.

Auwal mai rodi: To kar ka yanka komai. Ni dai mai 20 ɗina na nan, zan riƙe maka farashin zuwa Asabar.

Baba Ɗan'azumi: Ka fara neman masu tono, yaro. Na san yadda Juma'ar nan za ta ƙare.